Fata ko Leda: Abin da Bakin Yanka Ke Faɗa wa Mai Sayen Takalmi da Jaka

A ƙarshen daminar bara ƙanwata ta buɗe akwati na uku cikin akwatunan lefenta, wanda ta yi kusan shekara biyu tana tattalinsa. A ciki akwai saitin takalmi da jaka guda biyu da ba ta taɓa sa su ba ko sau ɗaya, tana jiran bikin da ya isa. Da ta ɗaga jakar farko, sai hannunta ya fito da ɓarɓashi baƙi kamar na ƙonannen tuwo. Fuskar jakar ta sheƙe, tana saɓulewa, ƙarƙashinta kuma wani farin yadi ne ya leƙo. Takalmin da ke tare da ita ya yi danƙo, ya manne da takardar da aka naɗe shi. Ni na raka dangin ango kasuwa ranar da aka sayi waɗannan kaya, kuma da kunnena na ji mai shagon yana cewa, "Alhaji, wannan leda ce zalla, 'yar Italiya."

Na daɗe ina juya wannan jimla a raina, domin a wata fuskar mutumin bai yi ƙarya ba. Kalmar "leda" daga kalmar Ingilishi mai nufin fata muka aro ta, amma a bakin Bahaushe ta koma sunan robar da ake ƙulla ƙosai a ciki da wadda ake shimfiɗawa a ɗaki. Idan ɗan kasuwa ya ce "leda ce", mai saye yana iya jin fata, shi kuma yana iya nufin roba, a rabu kowa da abin da ya fahimta. Ra'ayina shi ne, wannan ruɗani ya fi cutar da mu fiye da kayan jabun kansu, kuma yawancin dabarun da muke gadara da su wajen gane fata, irin su sansana da ɗiga ruwa da kara ashana, sun tsufa. Masana'antu sun daɗe da sanin cewa fuskar kaya muke kallo, don haka a fuskar suka zuba duk basirarsu. Wurin da ba su iya ɓoyewa ba shi ne bakin yanka da bayan fatar.

Kafin a kai can, ya kamata a san abin da ake nema. Fata ta gaskiya saƙa ce ta halitta: ƙananan zarurruka ne masu ɗimbin yawa da suka sarƙe da juna ta kowace fuska, ba tare da wani tsari irin na masaƙa ba. A saman, inda gashi ya tsiro, zarurrukan sun matse ƙam, shi ya sa fuskar take da santsi da ƙarfi. Idan aka gangara zuwa ɓangaren da ya manne da nama, sai su yi ta sakewa, har su zama wannan laushi mai kama da gashi-gashi da ake gani a bayan fata. Jima kuwa ita ce aikin da ke hana wannan saƙa ruɓewa. Majemanmu na gargajiya da 'ya'yan bagaruwa suke yi, su rina ja da karan dafi. Manyan masana'antu, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a Kano, sun fi amfani da sinadarin kurom, wanda da shi ake jeme mafi yawan fatar duniya a yau. Abin lura shi ne, ko da wace hanya aka bi, fata abu ɗaya ce daga fuska har baya. Ba ta da hawa-hawa.

Leda kuma gini ce mai hawa. Ana ɗauko yadi, saƙaƙƙe ko wanda aka danne, a shafa masa roba a sama, sau da yawa da wani siririn soso a tsakani don ya ba ta taushi, sannan a buga mata zanen fata da na'ura. Robar iri biyu ce aka fi samu, kuma a jikin kwali ko takardar kaya za ka ga an rubuta su da haruffa: PVC da PU. Ta farko ita ce mai kauri da sanyi a hannu, irin ta kujerun motar haya. Asalinta tauri gare ta, sai an zuba mata wani mai kafin ta yi laushi, kuma wannan man yana ficewa sannu a hankali, musamman a rana, har ta bushe ta tsattsage. Ta biyu ta fi laushi, ta fi kama da fata, ita ce kuma ta ci jakar ƙanwata. Rauninta shi ne danshi. Tururin ruwan da ke cikin iska yana shiga jikinta yana tsinka sarƙar sinadaran da suka haɗa ta, zafi kuma yana ƙara wa aikin sauri. Agogon lalacewarta yana fara bugawa ne tun ranar da ta bar masana'anta, ba ranar da aka fara sa ta ba. Jakar da ta yi watanni a cikin kwantena, ta yi shekara a shago, ta kuma kwana damina biyu a rufaffen akwati, ta ci rabin rayuwarta ko fiye kafin ta ga biki. Wannan ne ya sa nake ganin babu inda leda ta fi zama asara kamar a kayan lefe, domin kaya ne da al'ada ta ce a ajiye.

Da a ce kasuwa ta tsaya a kan waɗannan biyun, fata da leda, da magana ta yi sauƙi. Amma akwai 'yan tsakiya, kuma a nan ne mai saye ya fi faɗawa rami. Ƙirgin saniya yana da kauri sosai, don haka a masana'anta ana tsaga shi gida biyu ko fiye, kamar yadda ake raba gurasa. Ɓangaren sama shi ne mai daraja. Na ƙasan ba shi da fuska, sai a yi masa ta aro: a manna masa fallen roba, a buga zane, ya fito yana sheƙi. Irin wannan, idan ka juya bayansa fata za ka gani, kuma mai sayarwa zai iya rantsewa cewa fata ce bai yi kaffara ba, amma fuskar da za ta sha rana da lanƙwasa roba ce, kuma za ta iya saɓulewa. Ƙasa da wannan akwai abin da ake yi da ragowar yanke-yanke: a niƙe guntayen fata, a kwaɓa da gam, a murza ya zama falle, kamar yadda ake yin katakon garin itace. Yana ƙanshin fata domin akwai garinta a ciki, amma saƙar nan ta halitta an riga an wargaza ta, ba shi da ƙarfin ja. Yawancin bel masu arha da ke karyewa a daidai hujin da ake maƙalawa daga wannan dangi suke. Saboda haka tambayar "fata ce ko ba fata ba ce" ba ta wadatar ba. Sai an ƙara da "wane ɓangare na fatar, kuma me aka shafa a kai".

Bayan abin da ya faru da lefen, na ɗauki ragowar jakar da wani takalmi sau-ciki da nake shirin saye, wanda mai shago ya yarda in je da shi in dawo, na kai wa wani tsohon baduku da na saba da shi a Ƙofar Wambai. Bai ko kalli saman takalmin ba. Ya zura yatsa ya ɗaga harshensa, ya karkata shi zuwa haske, ya ce, "Ɗana, fuska ai kwalliya ce. Ka nemi inda wuƙa ta bi."

Inda wuƙa ta bi, a takalmi, wurare ne kamar gefen harshe, da hujin igiya, da bakin maɗauri idan sandal ne, da gefen da ya ɓuya ƙarƙashin shimfiɗar ciki. A jaka kuwa, a duba hujin maratayi, da ƙarshen ɗan guntun da ake jan zif da shi, da cikin aljihu inda shafi bai rufe ɗinki ba. A harshen takalmin nan, bakin yankan bai kai milimita 2 ba a kauri, amma da na kunna fitilar waya na ɗauki hotonsa na faɗaɗa, komai ya bayyana. Jiki ɗaya ne, matsattse a sama, yana sakewa zuwa ƙasa, da 'yan zarurruka da suka fito ba bisa tsari ba. A tsakiyar kaurin akwai launin toka mai ratsin shuɗi inda rini bai ratsa ba, wanda alama ce ta jimar kurom. Da jimar bagaruwa ce, da tsakiyar ta yi ruwan ƙasa mai haske. Sai muka yanki bakin jakar ƙanwata don kwatantawa, abin kamar an jera shi da hannu: siririn falle baƙi a sama, farin soso mai ƙananan kumfa a tsakiya, yadi a ƙasa, har zare yana warwarewa idan an ja shi da farce. Zaren da ke warwarewa a jere ba ya fitowa daga jikin dabba.

Masu yin jaka sun san wannan, shi ya sa suke naɗe bakin su ɗinke, ko su shafe shi da wani fenti mai kauri. Yin haka shi kaɗai ba laifi ba ne, domin kayan fata masu tsada ma ana gyara musu baki. Amma a kayan fata da wuya ka rasa wuri ɗaya da aka bari a buɗe, galibi ma da gangan ake barinsa don mai saye ya gani. Idan ka juya jaka ciki da waje ka tarar an toshe kowace kafa, an manne shafi ta yadda ba za ka taɓa bayan ba ko ta ina, to wannan ƙoƙarin ɓoyewa shi kansa labari ne.

Abu na biyu da tsohon ya yi shi ne danna babban yatsa a gefen takalmin daga ciki, yana turo fatar waje, sannan ya lanƙwasa gaban kamar yadda ƙafa ke yi a tafiya. A inda ya danna, ƙananan tamoji suka bazu ta ko'ina kamar na bayan hannun mutum, launin ya ɗan yi haske, da ya saki suka lafa a hankali. Leda ba ta yin haka. Ko dai ta lotsa sumul ta dawo nan take kamar balan-balan, ko ta yi ninki ɗaya mai kaifi, zanen da ke kanta kuma ya miƙe ya baje. Fatar da aka yi wa fuskar aro tana tona kanta a nan: idan an lanƙwasa ta ciki, sai fuskar ta yi manyan ƙulli-ƙulli kamar tana son rabuwa da abin da ke ƙarƙashinta. Wannan gwaji yana buƙatar sabo, kuma hanya mafi sauƙi ta samun sabon ita ce mutum ya je kasuwa da wani abu da ya tabbata fata ne, ko da tsohon walat ko kuben wuƙa, ya riƙa gwada su gefe da gefe.

Sai ƙofofin gashi. Kowace dabba da nata tsari. Na saniya ƙanana ne, sun bazu kusan daidai. Fatar akuya tana da ɗan gurji-gurji mai kyau, ta tunkiya ta fi laushi da saurin miƙewa. Abin da ake nema shi ne rashin daidaito: wuri ya fi wuri, ga ɗan tabon ƙaya ko cizon kaska nan da can. Zanen na'ura kuwa yana maimaita kansa, kuma ramukansa ba su da zurfi, kamar an danna su ne da hatimi. Sai dai kada a dogara da wannan shi kaɗai, domin fata ta gaskiya ma ana goge fuskarta a buga mata zane idan tabo ya yi mata yawa. Akwai kuma wani abu da ya shafi da yawa cikin masu karatun nan. Ana yawan yin shafin cikin takalma na waje da fatar alade saboda arha da shan gumi, kuma tana da sauƙin ganewa: ƙofofin gashinta manya ne, suna zuwa uku-uku kamar an ɗiga su da allura, kuma sun ratsa har baya. Hukuncin sa ta magana ce ta malamai, amma ganewa kam aikin ido ne, a cikin dunduniyar takalmi ake dubawa.

Yanzu ga dabarun da na ce sun tsufa. Ƙanshi yana taimakawa a kan kayan majemanmu, waɗanda warinsu ba ya ɓuya, kuma leda sabuwa tana da warin roba da gam. Amma takalmin fata ma da gam ake haɗa shi, sannan akwai turaren da ake fesa wa leda don ta yi ƙanshin fata, ga shi garin fata da aka kwaɓa yana ƙanshin da kansa. Ruwa ma haka. Gaskiya ne fatar da ba a rufe fuskarta ba tana shan ɗigon ruwa ta yi duhu, amma yawancin takalman ofis an shafe su da fenti da abin sheƙi, ruwa zai tsaya a kansu kamar a kan leda. Idan ya shige, shaida ce mai kyau. Idan bai shige ba, ba ka koyi komai ba. Wuta kuwa, wadda 'yan kasuwa ke son burge mutum da ita, ita ce mafi rashin amfani. Wulga harshen ashana na daƙiƙa ɗaya ba ya narkar da leda mai kauri, don haka mai jabu ma zai iya yin wannan wasa a gabanka ya ci nasara. Idan an daɗe kuma, an ɓata kayan mutane ko da fata ce, hayaƙin PVC kuma yana da guba. Duk wanda ya zaro ashana kafin ka tambaya, ka roƙe shi ya ajiye ta ya nuna maka bakin yanka.

Takalman da aka yi don kasuwar Turai, ciki har da na gwanjo da ba su rasa takardarsu ba, suna ɗauke da wata shaida da mutane da yawa ke ɓarewa ba su karanta ba. Tun daga wata doka ta Tarayyar Turai ta 1994, ana manna wa takalmi 'yar takarda mai layi uku: saman takalmi, shafi da shimfiɗar ciki, sai tafin ƙasa. A gaban kowanne akwai alama. Siffar shimfiɗaɗɗen ƙirgi tana nufin fata. Ƙirgi a cikin siffar daiman yana nufin fata mai rufin roba, wato wadda kaurin rufinta ya wuce milimita 0.15 amma bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukkan kaurin ba. Zanen saƙa yana nufin yadi, daiman shi kaɗai kuma yana nufin sauran kaya, wanda galibi roba ce. Dokar ta ce abin da aka ambata ya kai aƙalla kashi 80 cikin 100 na wannan ɓangare. Amfanin takardar shi ne tana raba takalmi gida uku, ta tuna maka cewa sama na iya zama fata, ciki kuma leda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa mai zafi, domin shafin ciki shi ke taɓa ƙafa. Fata tana shan gumi ta sake shi daga baya, leda kuwa tana tsare shi, sai wari da saɓar yatsu. Amma takarda gam ne ya riƙe ta, kowa na iya bugawa. Haka ma ɗan guntun fatar da ake ratayawa a hannun jaka: sau da yawa shi kaɗai ne fatar da ke jikinta. Idan takarda ta ce wani abu, bakin yanka ya ce wani, bakin yanka za a bi.

Dole in faɗi iyakar wannan duka. Akwai wata sabuwar leda da ake yi da zarurruka 'yan mitsi-mitsi da aka cakuɗa don su kwaikwayi saƙar fata, kuma bayanta yana da laushi irin na fata. A hannu tana iya ruɗar da wanda ya saba. Abin da ke tona ta shi ne kyanta ya yi yawa: kaurinta ɗaya ne ko'ina, bakinta a yanke tsaf kamar na daddarɓa, launin cikinta toka-toka iri ɗaya daga sama har ƙasa, babu wannan sauyi daga matsewa zuwa sakewa, kuma ba ta da nauyi. Irin wannan ta fi ledar gama-gari ƙarko, har ta fi wasu fatun marasa kyau. Ban ɗauki leda a matsayin abokiyar gaba ba. Ɗalibin da ke buƙatar takalmin shekara ɗaya, ko mai neman jakar da ruwan sama ba zai dame ta ba, yana da hujjar sayenta da idonsa a buɗe. Fata ma tana da nata wahala: hunturu yana busar da ita idan ba a shafa mata mai ba, damina tana sa ta fumfuna idan an kulle ta. Bambancin shi ne fumfuna ana gogewa, busasshiyar fata tana farfaɗowa da mai, amma ledar da ta fara saɓa babu mai gyaran da zai mayar da ita. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi kuɗin fata a miƙa leda.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna inda muke. A 1851 Heinrich Barth ya shigo Kano, ya kuma rubuta yadda takalma da jemammun fatun birnin ke tafiya ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Har yau fatun awaki da tumaki da aka jeme a Kano suna tafiya Italiya da Sifaniya, ƙirgin shanu kuma wani kaso nasa tukunyar ganda ke cinyewa kafin majemi ya gan shi. Sakamakon haka, baduku na gida yana sayen fata da tsada, wasu kuma sun koma yin aiki da leda suna yi mata ado irin na gargajiya. Kada wani ya zaci tun da a Kasuwar Kurmi ya ga jaka mai zanen dagi, lallai fata ce. Gwajin ɗaya ne, ko kayan na Kano ne ko na Milan.

Ina ganin gyaran da ya fi kusa da hannunmu a harshe yake. 'Yan kasuwa da ƙungiyoyinsu za su iya daina fakewa da kalmar nan mai fuska biyu, su ce fata idan fata ce, su ce roba idan roba ce, su ce fata mai rufi idan ita ce. Mai saye kuma ya daina tambayar "leda ce?", domin amsar kullum i ce. Ya ce, "Fatar dabba ce? Ta wace dabba? Sama da ciki duka?" Wanda ya san kayansa zai amsa ba tare da jinkiri ba, sau da yawa ma da alfahari. Idan kayan masu yawa ne kamar na lefe, a nemi a rubuta kalmar "fata" a rasit, kuma abin da aka san leda ne a sa shi a akwatin da za a fara amfani da shi.

Takalmin da na kai wa tsohon, samansa fata ne, amma da ya ɗaga shimfiɗar ciki sai muka tarar da shafin dunduniya leda ce mai bayan yadi. Na koma shagon na nuna wa mai shi wurin da fitilar wayata. Ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce shi ma a matsayin fata duka aka sayar masa, kuma na yarda da shi. Ya rage mini wani abu, na saya. Wata bakwai ke nan ina sa shi: saman ya yi laushi ya bi siffar ƙafata, shafin dunduniyar kuwa ya fara saɓa, na riga na yi magana da tsohon zai canza mini shi da fatar tunkiya bayan Sallah.